Ina tara dubu 500 a shekara: yaushe zan shiga gidan kaina?

Habibu Tela: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ta gaskiya ba ta ƙarfafa gwiwa kawai ba. Ni tela ne a wani ƙauye a yankin Ringim, ina kuma taɓa noman riɗi da gero. Ina da mata da 'ya'ya biyu, har yanzu muna ɗaki ɗaya a gidanmu na gado, kuma ƙanena zai yi aure, wuri ya yi mana kaɗan. Na lissafa abin da zan iya cirewa ba tare da na takura iyali ba: dubu 25 duk wata daga ɗinki, sai kamar dubu 200 idan na sayar da riɗi da kaka. Wato dubu 500 a shekara idan Allah ya ba da lafiya. An nuna mini filaye biyu, duka ƙafa 50 da 50. Ɗaya yana kan tudu kusa da makarantar firamare, dubu 650. Ɗayan yana bayan gari wajen fadama, dubu 400. Ciki da falo da bayi kawai nake so. Me zan sa a gaba a kowace shekara, kuma shekara nawa zan ɗauka?

Musbahu: Wa alaikumus salam. Ɗauki na dubu 400 ɗin nan tun kafin wani ya riga ka. Ragowar dubu 100 ka zuba a siminti ka ajiye, domin kuɗin siminti ba kasafai yake saukowa ba. Duk wanda ya saya a 2022 ya ajiye ai ya ci riba, farkon 2024 sai da buhu ya haura dubu 10.

Baba Idi Magini: Musbahu, rabin maganarka daidai ne, rabin kuma zai jawo wa yaron nan asara. Gaskiya ne takardar kuɗi idan ta kwana a akwati raguwa take yi, kowa ya ga haka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Amma siminti ba kayan ajiya ba ne. Yana shan danshin iska ko da ba a buɗe buhun ba. Wata uku ya fara rage ƙarfi, idan damina ta ratsa shi a ɗakin ƙasa sai ka tarar ya yi gudaji, wanda ka matsa da yatsa ya ƙi murƙushewa to ya mutu. Wanda yake son ajiye siminti sai ya mayar da shi bulo, shi ne yake shekaru bai ce komai ba. Kwano ma yana ajiyuwa, rodi ma haka idan an ɗaga shi daga ƙasa an rufe.

Habibu, kafin mu je lissafi, filin bayan garin nan yaushe ka je ka gan shi?

Habibu Tela: Watan jiya, Baba. A bushe yake ƙayau, ƙasar baƙa ce, ta ɗan tsattsage.

Baba Idi Magini: To tsagewar nan ita ce amsarka. Laka ce, da rani ta tsuke ta dare, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Gini a kanta yana motsi sau biyu a shekara, shi ya sa za ka ga bango ya tsage daga kusurwar taga ya gangara a karkace. Ana iya gini a wurin, amma tushen zai ci rodi da kankare da cikon jar ƙasa har ya cinye dubu 250 ɗin da kake ganin ka rage. Ban da maganar ruwa, kai ɗan yankin Ringim ne, ba sai na tuna maka ambaliyar 2022 ba. Fili da rani duk kyakkyawa ne. A watan Agusta ake zuwa ganin fili, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka tsaya ka ga ina ruwan ya kwanta, ina ya bi. Ka duba gindin katangar maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari.

Hajiya Ladi: Ɗana, ka ji maganar Baba. Ni kuma ta takarda zan yi maka. Da kuɗin adashi da na awaki na sayi fili, shekara uku ina tarawa. Wanda ya sayar mini ya ce rabonsa ne na gado, muka yi ciniki a gaban mutum biyu, aka rubuta a takardar littafin makaranta. Sai da na zuba yashi tifa biyu 'yar uwarsa ta dawo daga inda take aure ta ce ba a raba gonar ba, kuma gaskiyarta ne. An yi wata takwas ana zama. Daga ƙarshe an mayar mini da kuɗina cif, amma a lokacin kuɗin ba sa sayen rabin irin filin. Yashin ma yara da ruwa sun kwashe.

Saboda haka ka tambayi mai filin tudun yadda aka yi ya zama nasa. Idan saye ya yi, ya nuna takardar wanda ya sayar masa. Idan gado ne, ko dai a nuna maka takardar rabon gado ta kotu, ko magada duka su sa hannu, mata da maza, har wadda take aure a wani gari. Kada ka ji kunyar wannan tambayar.

Habibu Tela: Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Gona ce ta gado aka yanka ta awon igiya, su biyar ne. Babban wansu ne yake sayarwa.

Malam Nura: To lallai sai sauran huɗun sun sa hannu. Na daɗe ina rubuta wa mutane takardar ciniki a garinmu, ga abin da nake gani yana kawo rigima. Mutane suna rubuta "na sayar masa da filina" su tsaya. A rubuta tsawo da faɗi da ƙafa, a rubuta wanda yake gabas da yamma da kudu da arewa, a rubuta hanyar da aka bari da faɗinta, domin a awon igiya hanya ce ake fara cinyewa. Mai unguwa da dagaci su sa hannu da hatimi, maƙwabtan filin su zama cikin shaidu. Ranar da aka auna, ranar za a kafa turaku na kankare a kusurwa huɗu, ba icce ba, ba dutsen da yaro zai iya gusarwa ba.

Sannan a sani, takardar dagaci shaidar ciniki ce. A dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce take ba da takardar haƙƙin mallaka na gargajiya a filin karkara, gwamna kuma shi yake ba da ta filin da aka ayyana a matsayin birni. Ba dole ka yi ta a shekarar farko ba, amma ka je sashen filaye na ƙaramar hukuma tun kafin ka biya, ka tambaya ko wurin bai faɗa cikin filin makarantar ba ko inda aka tsara hanya. Da ka ce kusa da firamare, nan hankalina ya tafi.

Ɗanjuma: Ni fa a ganina da ka sayi gona da kuɗin nan. Gona tana ba ka riɗi duk shekara, fili kuwa yana kwance kawai.

Habibu Tela: Yaya Ɗanjuma, gona ina da wadda nake nomawa. Wurin kwana ne matsalar.

Ɗanjuma: Au, na ɗauka jari kake nema. To Allah ya sa albarka.

Baba Idi Magini: Yanzu mu zo kan lissafi. Abu na farko, ka daina ƙirga ginin nan da naira, domin lissafin da ka yi bana baɗi zai zama ƙarya. Ka ƙirga da buhun siminti. Mu ɗauka buhu dubu 10 don sauƙin lissafi, kai ka sa farashin garinku. Ka ga ƙarfinka buhu 50 ne a shekara. Fili dubu 650, ga la'adar dillali da na shaidu da turaku, ka sa dubu 700, wato buhu 70.

Ciki da falo, kowanne ƙafa 12 da 12, bango ɗaya ya raba su. Dogayen bango biyu ƙafa 24 kowanne, gajeru uku ƙafa 12 kowanne, jimla ƙafa 84. Bulo tsawonsa ƙafa ɗaya da rabi ne, saboda haka layi ɗaya zai ci bulo 56. Riƙe wannan 56 ɗin, da shi za ka gane duk maginin da ya so ya yi maka ƙari.

Tushe layi huɗu na bulo inci tara, kusan bulo 230 ke nan. Buhu ɗaya ya ba ka 35, kada ka yarda a wuce haka a bulon tushe, buhu 7 ke nan. Kankaren da za a shimfiɗa a ƙasan rami kamar buhu 8, ɗora bulon buhu 5. Siminti 20. A ƙa'idar da na saba gani, yashi da tsakuwa da ruwa da kuɗin birkila da lebura suna cin kwatankwacin kuɗin simintin, sai ka sa tushe a buhu 40.

Daga tushe zuwa inda katako zai zauna layi 12 ne na inci shida. 56 sau 12 ya ba da 672, a cire gurbin ƙofa biyu da taga uku a dawo wajen 590, a ƙara na fashewa a buga 650. Buhu ɗaya ya ba ka 45, buhu 15 ke nan. Ɗorawa kamar 11, linta 4. Siminti 30, sauran kaya da rodi da aiki 30, jimla 60. Rufi, da kwano bandir biyu da ɗan ƙari da katako da ƙusa da kafinta, ka sa 50. Ƙofofi da tagogi da daɓe da haƙa masai da filastar ciki, ka sa 70. Tara su: 70 da 40 da 60 da 50 da 70, buhu 290. Raba da 50. Shekara shida ce, saura kaɗan.

Habibu Tela: Shida, Baba? Wallahi ni a raina uku nake sawa.

Baba Idi Magini: Na sani, kowa uku yake sawa. Shi ya sa kake ganin kangaye a bakin kowane gari, an kai taga an tsaya, ciyawa ta fito a ciki. Ba rashin kuɗi kaɗai ya tsayar da su ba, a wurin da bai kamata a tsaya ba suka tsaya. Gini yana da matsaya kamar yadda mota take da tasha. Akwai inda za ka bar shi shekara biyu ka dawo ka tarar da shi yadda ka bari, akwai inda damina ɗaya za ta mayar da kai baya. Burin kowace shekara shi ne ka kai matsaya kafin hadarin farko.

Shekarar farko duk ta fili ce. Ka roƙi magadan su karɓi dubu 500 a matsayin kafin alƙalami, cikon bayan kaka mai zuwa, a rubuta ranar a takarda, a kuma rubuta cewa farashi ba zai canza ba. Ka noma gyaɗa ko wake a filin da damina, kowa ya san yana da mai shi.

Shekara ta biyu ka cika kuɗin fili, saura buhu 30. Da su za ka kawo yashi da tsakuwa ka buga bulon tushe bayan kaka. Kada ka haƙa rami a wannan shekarar idan ba ka da kuɗin rufe shi. Ramin tushe a buɗe shi ne mafi munin matsaya, ruwa zai cika shi, gefen ya rufta, ka sake biyan haƙa.

Shekara ta uku, da rani, a haƙa a zuba kankare a ɗora layi huɗun a cike da jar ƙasa a daddage, duka cikin sati biyu. Layi biyu a ƙasa, biyu a sama, don ɗakin ya fi tsakar gida tudu. Wannan matsaya ce mai kyau, ko shekara biyar za ta jira ka. Ragowar kuɗin shekarar ka buga bulo 650 ka sayi rodi.

Shekara ta huɗu a tashi bango daga tushe har a ɗaure linta, a jere, kada a tsaya a taga. Kuma lintar ta zagaye ginin duka, ba kan ƙofa da taga kaɗai ba. Bangon inci shida da ba a ɗaure ba, iskar farkon damina tana iya kwantar da shi dare ɗaya. Abin da ya rage ka sayi kwano ka jingine a ɗaki.

Ta biyar rufi da ƙofofi da tagogi. Katako kuma sai kafinta ya shirya za a saya, idan ya kwanta yana kanɗarewa, gara ma tana jiransa. A shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora, a ɗaure shi da linta da ƙarfen ɗauri, ba a dogara da ƙusa kawai ba. Ta shida daɓe da masai da filasta, ka kwashe iyali.

Musbahu: Baba, bulo 45 a buhu ai ɓarna ce. Masu gidan bulo suna fitar da 60 har fiye, kuma gine-ginen suna tsaye.

Baba Idi Magini: Suna tsaye saboda an ɗora su da wuri an yi musu filasta ta rufa musu asiri. Na Habibu zai yi shekara a jibge a fili, rana da ruwa suna dukansa, sannan ya yi shekara biyu a bango babu filasta. Bulon 60 ba zai kai ba, gefensa zai zube kamar gari. Gwajin ba wuya: ka kankare shi da ƙusa, idan yashi ya zubo da yawa bai ƙoshi ba. Ka ɗaga shi daidai ƙugu ka sake a ƙasa mai tauri, mai kyau ba ya wargajewa. Kuma rabin ƙarfin bulo ban ruwa ne. Safe da yamma, aƙalla kwana bakwai. Da hunturu iska tana busar da shi kafin simintin ya kama, sai a rufe da tsofaffin buhuna ko kara. Habibu, wannan aikin kai da kanka za ka yi, kada ka bar wa yaro.

Sa'idu Direba: Ni ban yarda da shekara shidan nan ba. Mutum yana ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyu, ƙaninsa zai kawo amarya, a ce ya jira shida? Ni tushe kawai na yi da bulo, layi huɗu kamar yadda Baba ya ce, na ɗora bulon ƙasa a kai. Ni da abokaina muka buga shi a bakin kududdufi, abinci kawai na ciyar. Watan Janairu muka fara ɗorawa, kafin watan Afrilu na rufa kwano. Yau shekara bakwai ina ciki, kuma da zafin bazara ɗakina ya fi na siminti sanyi nesa ba kusa ba. Buhu 60 ɗin bangon nan zai koma kamar 20.

Baba Idi Magini: Ban musa ba, Sa'idu, ni ma a ɗakin ƙasa aka haife ni, kuma na gina su da yawa. Amma ka faɗa masa sharaɗin. Ginin ƙasa ba shi da matsaya tsakanin tushe da rufi. Ranar da ka ɗora bulon farko, dole kuɗin kwano da katako da kafinta suna hannunka, domin idan ruwan Yuni ya same shi a buɗe ya zama tudun ƙasa. Sai kwanon ya fito sosai ya kare bango, sai kuma yaɓe a kai a kai, musamman bangon gabas da ruwa yake duka. Filastar siminti a kan ƙasa kuma tana ɓamɓarewa idan ba a kafa mata waya ko ƙusoshi ba. Idan ya bi hanyarka zai iya shiga a ƙarshen shekara ta huɗu ko farkon ta biyar. Zaɓi ne na gaske, ba na raina shi.

Hajiya Ladi: Ba ku yi maganar katanga ba. Matar aure ba za ta zauna a fili fayau ba.

Baba Idi Magini: Da gangan na bar ta, Hajiya, don ita ce take karya mutane. Kewayen 50 da 50 ƙafa 200 ne, layi ɗaya bulo 133. Layi tara har da na tushe, kusan bulo 1,200. Ɗakunan biyu gaba ɗaya ba su kai 900 ba. Kin ga katanga ta fi gidan cin bulo. Da yawa suna fara kewayewa don a ga sun yi gida, kuɗi ya ƙare babu ɗaki ko ɗaya. Ya gina ɗakunan a kusurwar fili, bayansu da gefensu su zama katanga, ya rage ƙafa 36. Sauran ya yi darni ko zana, duk shekara ya maye gefe ɗaya da gini bayan ya shiga. Sai dai ya bar 'yar tazara ta zubar ruwan kwano, kada ya zuba wa maƙwabci.

Malam Nura: Akwai abin da yake damuna a lissafin buhu. Baba ya ce ƙarfin Habibu buhu 50 ne, amma wannan bana ne. Idan siminti ya tashi, kuɗin ɗinki ba ya tashi tare da shi ranar. Buhu 50 zai iya zama 35. Riɗi yakan bi kasuwa, amma shi ma wata shekarar faɗuwa yake yi.

Baba Idi Magini: Haka ne, kuma ba ni da maganin wannan. Abin da lissafin buhu yake yi shi ne ya nuna masa gaskiya da wuri. Idan ya ga bana 35 ya samu, ya san matsayar bana ta koma baɗi, kada ya fara abin da ba zai kai ƙarshe ba.

Habibu Tela: To dubu 25 ɗin wata-wata fa, a ina zan riƙa ajiye su kafin su taru? Idan suna hannuna biki da suna za su cinye.

Hajiya Ladi: Adashi, amma na mutanen da ka sani, kuma ka roƙi uwar adashi ta ba ka kwasar da ta faɗo bayan kaka, ta haɗu da kuɗin riɗi lokacin da ake aikin gini. Kwasar tsakiyar damina taki da cefane ne suke cinye ta. Ni ragowar nakan sa a tunkiya.

Sa'idu Direba: Kiwo yana da kyau amma kada ya zuba duka. Shekarar da zan yi rufi raguna uku na ɗaure don babbar salla, ɗaya ya mutu saura sati uku, dusa kuma ta ci kusan rabin ribar sauran. Hatsi ma da ake cewa a saya da kaka a sayar da bazara, waɗanda suka ajiye a kakar 2024 da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Abin da ya riga ya zama bulo ko kwano shi ne ba ya mutuwa.

Musbahu: A nan dai na yarda. Amma ni har yanzu ina ganin a bar shekara guda ta ko-ta-kwana a lissafin, haihuwa ko rashin lafiya ko riɗi ya ƙi. A ce bakwai.

Habibu Tela: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na bar maganar filin fadama. Ranar Litinin zan je ƙaramar hukuma in tambayi iyakar filin makarantar, sannan in sami babban wan nasu a kan sa hannun sauran huɗun, ɗaya tana aure a Gumel. Tsakanin bulon siminti da na ƙasa ban yanke ba, tunda tushen iri ɗaya ne ina da shekara biyu in yi tunani, zan kuma shawarci maiɗakina. Baba Idi, tambaya ɗaya ta rage. Idan suka ƙi karɓar biya biyu, suka ce sai dubu 650 a dunƙule, in sayar da keken ɗinkina na biyu in cika, ko in haƙura wani filin ya fito?

Baba Idi Magini: Keken yana aiki ko a ajiye yake?

Habibu Tela: Yaron shagona ne yake ɗinki da shi, da salla yana kawo kuɗi sosai.

Baba Idi Magini: To kada ka taɓa shi, daga cikinsa dubu 25 ɗin take fitowa. Ka fara jin bakinsu tukuna. Magada biyar da suke jiran rabo ba kasafai suke mayar da dubu 500 a hannu ba. Idan sun ƙi, ka dawo nan mu sake lissafi.